Ɗigo Bakwai a Jikin Labule

Shekara goma sha tara ke nan ina gyaran hoto, kuma har yau ba abin da ke tayar mini da haushi kamar mutum ya dafa teburina ya ce, "Ai danna wani abu kawai za ki yi." To in danna abu ne kawai, ga maus ɗin kwamfutar, bismilla. Shagon nan gadonsa na yi daga kawuna, ɗaki biyu ne a tsakanin kantin magani da mai gyaran waya. A gaba akwai teburina da kwamfuta da sikana da firinta, sai kujerar baƙi guda ɗaya mai ƙafar ƙarfe. A baya ɗakin ɗauka ne. Na cire kuraje daga fuskar amare, na cire tsofaffin mazaje daga hotunan suna, na taɓa cire akuya daga hoton wani shugaban makaranta. Duk wannan bai taɓa hana ni cin abinci ba, sai aiki guda ɗaya.

Ranar Talata ce, wajen ƙarfe goma sha ɗaya na safe, wata budurwa ta shigo da fararen kayan ɗaliban jinya. Ta gaishe ni da ladabi, ta zaro hoto daga ambulan ta ajiye a gabana da hannu biyu.

"Anti, Mamana ce ta aiko ni. Idonta ya fara rauni, likita ya ce raguwa zai yi ta yi. So take a ƙara wa wannan girma yadda za ta riƙa ganinsa, tun da sauran gani."

Hoton iyali ne ɗan ƙarami, gefensa ya yi laushi saboda yawan riƙo. Mace a zaune, miji a tsaye a bayanta, sai yarinya 'yar shekara uku a tsaye a gefen uwar, sanye da riga ja mai duhu. Sun cika hoton kusan duka, ban da gefen dama na yarinyar, inda aka bar fili babu komai sai labule. Labulen na gane shi nan take, ja mai duhu da 'yan ganyayyaki ruwan ƙasa.

Na ce, "A nan aka ɗauke ku. Tsohon labulenmu ne."

"Shi ya sa Mama ta ce nan zan kawo, ba wani wuri ba. Ni ce wannan ƙaramar." Ta nuna filin da farce. "Sannan, Anti, kin ga waɗannan fararen ɗigon? Don Allah ki goge su. Ita ba ta ce ba, ni ce nake so ya fito fes."

Na duba. Ɗigo ne farare ƙanana kamar ƙwayar shinkafa, a warwatse a jikin labulen. Na ce mata wannan aikin minti biyar ne, ta dawo ƙarfe huɗu. Ban tuna komai ba a lokacin. Dubban iyalai sun tsaya a gaban labulen nan, ba zan riƙe fuskar kowa ba.

Na sa hoton a sikana, ya fito a allo. Na ɗauki abin goge tabo na zagaye ɗigo na farko na danna. Ya ɓace na ɗan ƙiftawar ido, sai ga shi ya dawo, a wurinsa, da girmansa. Na ja tsaki na sake. Ya sake dawowa. Na koma na biyu, shi ma haka. A karo na huɗu ma sai ya matsa gefe kaɗan ya zauna, kamar mai gyara zama.

Daidai nan mai gyaran waya ya leƙo, wai yana neman aron almakashi. Mutumin nan shekara takwas muna maƙwabtaka, bai taɓa sayen almakashi ba. Ya tsaya a bayana yana kallo na danna sau biyu, sai na ji ya ja baya.

"Anti, wannan hoton da mai shi. A'uzu billahi. Ki mayar musu da kayansu."

Na ce, "Kai da kake buɗe cikin waya kullum, har yanzu aljani kake nema a cikin inji? Zo ka gani."

Na yi masa bayani yadda nake yi wa duk wanda ya ɗauka tsafi nake yi. Hoto a kwamfuta ɗigo-ɗigon launi ne jere da juna. In ka zagaye abu ka ce a cire, manhajar ba ɗaga shi take yi ta leƙa bayansa ba, don babu wani baya. Rami take bari. Sai ta dubi launukan da ke bakin ramin, ta bi sauran hoton tana neman ɗan yanki da ya yi kama da bakin nan, ta kwafo shi ta liƙa, ta shafe gaɓar yadda ba za a gani ba. Haka za ta yi ta yi har ramin ya cike. Kamar mai facin zane ce da ba ta da wani ƙyalle sai jikin zanen. Ba ta san labule ba, ba ta san mutum ba, kama kawai take bi.

"To me ya sa yake dawowa?"

"Saboda in na huda nan, wurin da ya fi kama da kewayen ramin shi ne kewayen wancan ɗigon. Sai ta kwafo shi, da ɗigon a tsakiya. Ka ga laifin aljani a nan?"

Ina rufe baki na ji abin da na faɗa. Labule na gaske ba ya yin haka. Ko masaƙa ɗaya ta buga ganyen, in an rataye shi kowace ninka da irin faɗuwarta, kowane wuri da haskensa. Kafin kewayen ɗigo biyu su zama iri ɗaya sak, har inji ya kasa bambanta su, sai in tun farko kwafin juna ne. Na miƙa wa mai gyaran waya almakashin na ce ya je, ina da aiki.

Na ƙara girman filin. Ga ninka guda ɗaya mai ɗan lanƙwasa, ga ta nan kuma a ƙasa, ga ta a gefe. Ganye mai tsagaggen baki ya fito sau biyar. Duk filin nan, daga kafaɗar yarinyar har bakin hoton, faci ne. Haka take yi in ramin ya yi girma kuma wurin ɗiba ya yi kaɗan, sai ta yi ta komawa wuri ɗaya tana ɗebowa. Labulen gaske da ya rage a hoton bai fi ɗan siririn yanki a saman kawunansu ba. Ramin kuwa, da na bi gefensa da ido, tsayinsa ya ɗara yarinyar da kamar kai guda.

Na ƙara matsowa kan ɗigo ɗaya. Farin ya baje a allo, sai na ga yana da gefe huɗu, kuma a naɗe yake a jikin wani abu. Abin da na ɗauka ganye uku ne ruwan ƙasa, ashe ba ganye ba ne. Suna da gaɓa. Suna da farce. Yatsu uku ne na ƙaramin yaro, na tsakiyan da filasta.

Na matso da kujerata. Na ƙirga su, bakwai, duk a lanƙwashe kamar suna riƙe da labulen ta baya. Na bi hoton da ido ina neman inda aka ɗebo su, don na san dole akwai na asali. Na same shi a kafaɗar yarinyar ta hagu, can ɗaya ɓarin, nesa da filin. Wani ya zagayo da hannunsa ta bayanta ya dafa ta. An cire shi duka, an manta da yatsun. Rigarta kuma launinta ɗaya da labulen, shi ya sa injin ya ga yatsu a kan ja mai duhu ya ɗauka ganye ne, ya yi ta shukawa.

Wanda ya yi wannan aikin ɗan gaggawa ne, mai ji da kansa, wanda bai ƙara girman hoto ya duba ba kafin ya buga. Na san shi sarai, don ni ce.

Shekara goma sha biyar da suka wuce, kawuna yana da rai, shi ke ɗauka ni ke gyara. Manhajar cike rami sabuwa ce a hannuna, ina ta burga da ita. Wani malamin makaranta, mijin nan da ke tsaye a hoton, ya shigo da na farkon da muka ɗauke su wata biyu kafin nan. Idonsa ya faɗa. Ya ce yaron ya rasu, zazzaɓi na kwana uku, kuma uwar ta daina ci ta daina sha, hoton kawai take riƙe da shi. Ya ce in cire yaron in buga masa wani. Na ce to. Ban ma yi masa gaisuwa yadda ya kamata ba, ina ɗokin ya ga gwanintata. Na buɗe fayil ɗin a kwamfuta, na zagaye yaron, na danna, labule ya rufe wurin. Malamin ya karɓi sabon, ya yayyaga tsohon a kan teburin nan, ya zuba guntayen a aljihu ya fita.

Ni kuma na danna ajiyewa, na rufe. Sai da na kai kofin shayi baki na tuna ban canza wa fayil ɗin suna ba. Na ajiye gyararren a kan na asali. Katin kyamara kuwa kawuna yana share shi duk ƙarshen mako. Dokar farko da ya koya mini ke nan, kar a taɓa aiki a kan asali, kuma ita na karya a kan hoton da ba shi da na biyu.

Bayan wata ɗaya malamin ya dawo. Ya zauna a kujerar ƙarfen nan ya ce cikin ƙaramar murya, ko zan sake buga masa na farkon. Na dubi idonsa na ce cuta ta shiga kwamfutar ta cinye hotunan watan nan duka. Ya miƙe a hankali. Sannan ya yi mini godiya, wallahi godiya ya yi mini, ya tafi.

Na shiga ɗakin baya na sauko da kwalin tsofaffin faifai daga kan kabad. Na san abin da zan tarar, amma na duba. Fayil ɗin yana nan da kwanan watansa, gyararren ne kawai, babu na asali a ƙarƙashi. A ƙasan kwalin tsohon labulen yake a ninke. Na warware shi a ƙasa na bi shi ganye-ganye kamar wata mahaukaciya. Ƙura ce kawai da warin ajiya, babu farin ɗigo ko ɗaya.

Ƙarfe huɗu budurwar ta dawo. Na ce ta ja kujera. Na nuna mata filin, na nuna mata ninkar da ke maimaita kanta, sannan na ƙara girman ɗigon. Ta daɗe tana kallo. A hankali hannunta na dama ya tashi ya dafa kafaɗarta ta hagu, kuma na tabbata ba ta san ta yi ba.

Ta ce, "Yayana ne. An ce mini na taɓa yin yaya. Baba bai yarda a ambace shi ba har ya rasu. Cewa aka yi ba a taɓa ɗaukarsa hoto ba." Ta juyo gare ni, idonta ya cika. "Anti, ki cire labulen. Ki dawo da shi."

"Ba rufe shi aka yi ba, ƙanwata. Babu shi a ciki."

"Ai goge shi aka yi. Abin da aka goge ana dawo da shi, na ga ana yi a waya."

"A waya ajiyar na asali take dawo miki da shi. Nan babu na asali. Kowane ɗigo da ke ɗauke da fuskarsa an zuba launin labule a madadinsa. Ko shekara zan yi ina tonawa, labule zan tarar."

Ban gaya mata wanda ya zuba ba. Na bar shi a kan "an".

Mai gyaran waya, wanda kunnensa ke ratsa bango, ya shigo da almakashina a hannu. Ya ce ai akwai sabuwar manhajar nan da ke zana abin da babu, me zai hana a gwada. Na harare shi, amma budurwar ta riga ta ji. Na yi mata bayani tsakani da Allah. Ita sabuwar ba daga cikin hotonka kawai take ɗiba ba. An nuna mata hotuna ba adadi, ta koyi abin da ya saba zama a wuri irin wannan, sai ta dubi kewayen ramin ta zana abin da zai dace. Hasashe ne dai, ya fi na tsohuwar wayo kawai. Ba ta taɓa ganin yayanta ba.

"Ki gwada, Anti. Don girman Allah."

Wannan karon sai da na yi kwafi uku, na sa wa kowanne suna daban, na mayar da hoton takarda cikin ambulan na kulle a aljihun tebur. Sannan na zagaye filin duka, ban rubuta wa manhajar komai ba, na danna. Ta ba ni zaɓi uku. Na farko labule ne sumul. Na biyu tukunyar fure. Na uku yaro ne a tsaye, hannunsa ya bi ta bayan yarinyar, yana kallonmu.

Mai gyaran waya ya ce "Innalillahi" ya yi waje, da almakashin. Ni kaina da na san dalili, da na san manhajar ta ga yatsu a kafaɗa ne ta nemo musu mai su, sai da na ɗauke hannuna daga kan maus.

Budurwar ta ce, "Shi ne?"

Na ce, "Kalli." Na rubuta wa manhajar yaro ɗan shekara shida, na sake dannawa. Wani yaron ya fito, mai faɗin goshi. Na sake, wani mai wushirya. Na sake, wani da kunnensa ya narke cikin labulen. Yara suka yi ta zuwa suna tsayawa a gefenta ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya dafa ta, kowanne da murmushinsa, kuma babu wanda uwa ta haifa a cikinsu. Na ce, "Kin gani? Har gobe za ta yi ta kawo su."

Ta sa yatsa a allo a kan na shida. "Wannan. Hancinmu ɗaya."

"Daga fuskarki ta ara."

"Mama ba ta gani sosai. Shekara goma sha biyar ba ta ga fuskarsa ba. In ta ga wannan ta ji sanyi, wa aka cuta?"

Ina da amsa, amma wadda ta cinye fuskar gaske ba ta da bakin yin wa'azi a kan ta ƙarya. Na buga mata shi babba, na sa a firam. Filin ya cike da yaro, ɗigo bakwai ɗin duk sun tafi. Ta rungume shi ta fita, ta manta da ambulan ɗinta a aljihun teburina. Ranar ban iya cin abincin yamma ba.

Washegari ina buɗe shago, ko labulen ƙofa ban gama ɗagawa ba, na gan su. Budurwar ce a gaba, idonta a kumbure, riƙe da hannun wata mata mai farin tabarau mai kauri. Matar ta rungumo firam ɗin, fuskarsa a jikinta. Ta lalubi bakin teburina ta kife shi a kai.

"Ke ce mai shagon?"

"Ni ce, Mama. Sannu da zuwa. Ga kujera."

Ba ta zauna ba. "Wannan ɗan mutane ne. Ban san shi ba. Ki mayar da shi inda kika samo shi." Muryarta ba ta tashi ba. "Ina hotona? Ta ce mini kin goge ɗigon. Ki ce mini ba a jikin nawa kika goge ba."

Na buɗe aljihun tebur da sauri har makullin ya faɗi. Ta karɓi ambulan ɗin, ta zaro hoton, ta kai shi dab da tabaranta, ta juya wajen hasken ƙofa. Leɓenta yana motsi. Ƙirgawa take yi. Da ta kai ƙarshe ta sauke numfashi, sai a lokacin ta zauna.

Ta ce, "Gwangwanin madara ne ya yanke shi, da safen da za mu zo nan. Ni na naɗa masa filastar. Ya ce ba zai shiga hoto da ita ba, sai ya ɓoye hannun a bayan ƙanwarsa."

Budurwar ta ce, "Mama, dama kin sani? Duk shekarun nan?"

"Tun ranar da babanku ya kawo shi. Shi yana ganin ya fitar mini da yaron daga gida. Na shiga ɗaki da hoton, na duba, na ga hannunsa a kafaɗarki. Na sake dubawa, na gan shi ko'ina." Ta juyo da kaurin tabaran nan wajena. "Na ce yarinyar shagon nan ta ji tausayina. An sa ta aiki ba yadda za ta yi, sai ta ɓoye mini shi a inda namiji ba zai duba ba. Ban taɓa yin salla ban sa ki a addu'a ba, 'yar nan."

Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Ina iya yin shiru, in karɓi addu'ar shekara goma sha biyar in sa a aljihu, ba wanda zai sani. Amma na riga na yi wa mutum ɗaya ƙarya a kan kujerar nan.

Na ce, "Mama, ba tausayi ba ne. Sakaci ne. Ban ga yatsun ba, gaggawa nake yi. Injin ne ya yi ta kwafo su don ba shi da wurin ɗiba. Kuma na asalin, mai fuskarsa, ni na ɓata shi da hannuna. Na ajiye wannan a kansa. Da maigidanki ya dawo nema na ce masa cuta ce ta cinye, ƙarya na yi masa. Ki yafe mini, ko kar ki yafe, amma gaskiyar ke nan."

Na jira ta tashi, ko ta ɗaga murya. Ta yi zaune kawai, hoton a cinyarta.

"Ya dawo?"

"Na'am?"

"Kin ce ya dawo nema."

"Bayan wata ɗaya. Nan ya zauna, inda kike. Ya ce in sake buga masa na farkon."

Ta sa tafin hannunta a kan ƙarfen kujerar, ta shafa shi a hankali. "Bai taɓa faɗa mini ba. Shekara goma sha biyu muka ƙara yi tare. Na yi masa girki, na yi jinyarsa, na rufe masa ido, kuma ban taɓa yafe masa hoton nan ba. Ina ganin ko sau ɗaya bai yi nadama ba." Ta cire tabaran ta goge idonta da bakin mayafi. "Ashe ya dawo."

Budurwar ta durƙusa ta kifa kanta a gwiwar uwar. Ni na rasa inda zan sa idona, sai na sa shi a kan allo. Batun yafiya ba ta ce mini komai ba, ni ma ban sake tambaya ba.

Can ta mayar da tabaranta ta ce, "Aikin da na aiko a yi mini, a yi shi. Girma kawai na ce a ƙara. Kar a gyara komai."

Na buɗe tsohon fayil ɗin da na samo a faifai, don ya fi na sikana kaifi. Na yi kwafinsa tukuna. Na buga shi a takarda mafi girma da firintata ke ɗauka, ban taɓa ko ɗigo ɗaya ba. Takardar ta yi ta fitowa a hankali, kan malamin, fuskar matar tana da ƙuruciya, sannan labulen da ninkarsa mai maimaituwa, da 'yan yatsun nan suna riƙe da shi ta ko'ina. Mummunan aiki ne, wanda in ɗalibi ya kawo mini zan kore shi. Na shimfiɗa mata a kan tebur, na jawo fitilar aiki na haska.

Ta sunkuya har hancinta ya kusa taɓa takardar. Ta fara da na kafaɗa, ta daɗe a kansa. Sannan yatsanta ya shiga filin, yana tafiya yana tsayawa. Ɗaya, biyu, uku. Ta kai shida, ta yi ta lalube a kusurwar ƙasa inda labulen ya fi duhu. Na bakwai yana nan dab da farcenta, ni ina ganinsa, 'yarta tana ganinsa.

Ta ɗago ta ce, "'Yar nan, ƙara masa girma. Shida nake gani."